Lokacin da kwamfutoci ke katse wa juna magana a kan waya ɗaya

A ofisoshi da jami'o'in shekarun 1980, idan kwamfutoci talatin na son aika wa juna saƙo, waya guda ɗaya tak suke rabawa. Wata kakkaurar waya ce, galibi ruwan ɗorawa, da ake shimfiɗawa ta cikin silin ko ƙarƙashin daɓe, tsawonta na iya kai mita 500. Kowace kwamfuta ana haɗa ta da wannan wayar ta wata ƙaramar na'ura mai tsinke da ke huda rigar wayar har ta taɓa jan ƙarfen da ke tsakiya. Duk abin da kwamfuta ɗaya ta faɗa, sauran duka suna ji, amma wadda adireshinta ke rubuce a goshin saƙon ita kaɗai ke ɗauka. Wannan shi ne Ethernet na farko. Robert Metcalfe ne ya zayyana shi a 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, suka gina shi tare da David Boggs. Sun ari wani ɓangare na dabarar daga ALOHAnet, tsarin rediyon da Norman Abramson ya jagoranta a Jami'ar Hawaii.

Matsalar a bayyane take. Saƙo a waya ba komai ba ne illa hawa da saukar ƙarfin lantarki, kuma idan biyu suka aika a lokaci guda, lantarkin ya cakuɗe, babu wanda za a iya karantawa. Ga shi babu shugaba a kan wayar da zai ce wane kai ne da magana yanzu. Ƙa'idar da ta warware wannan ita ake kira CSMA/CD, kuma ta yi kama da ladabin hira a zaure cikin duhu, inda ba a ganin fuskar juna: ka kasa kunne, in ka ji shiru ka fara, in ka ji muryar wani ta haɗu da taka ku duka ku tsaya, kowa ya ɗan jira kafin ya sake.

Ga yadda abin yake a aikace, a kan Ethernet mai gudun bit miliyan 10 a daƙiƙa, wanda kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka fitar da ƙa'idojinsa a 1980, kafin hukumar IEEE ta mai da shi ma'auni mai lamba 802.3. Ba a tura bayanai gaba ɗaya, ana yanka su ƙunshi-ƙunshi. Kwamfutar da ke da ƙunshi a hannu tana fara sauraron wayar. In ta ji wani na aikawa, sai ta jira ya gama, ta ƙara ɗan taƙi na tsawon bit 96, wato maikirosakan 9.6, sannan ta fara. Maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa. Tana aikawa kuma tana ci gaba da saurare, domin jin shiru ba ya tabbatar da cewa wayar babu kowa.

Dalilin haka shi ne lantarki ma yana cin lokaci kafin ya isa. A cikin waccan kakkaurar waya yana cin kusan mita 230 a kowane maikirosakan. Mu ɗauki kwamfutoci biyu, ɗaya a wannan ƙarshen wayar mai mita 500, ɗaya a wancan. Ta farkon ta ji shiru ta fara aikawa. Saƙonta na bukatar maikirosakan biyu da 'yan kai kafin ya kai ɗaya ƙarshen. Ana daf da cikar wannan lokacin sai ta biyun ita ma ta saurara. A wajenta shiru ne, domin saƙon bai ƙaraso ba, sai ta fara nata. Babu wadda ta karya doka, amma an yi karo. Ta biyun za ta gane nan take, domin ƙarfin lantarkin da ke kan wayar ya zarce wanda mai aikawa ɗaya zai iya haifarwa. Ta farkon kuwa ba ta san komai ba tukuna. Sai saƙon ta biyun ya yi tafiyar mita 500 ya same ta, bayan fiye da maikirosakan huɗu da farawarta, lokacin ta riga ta fitar da bit arba'in da wani abu.

A nan ne, a ganina, basirar tsarin ta fi fitowa. Dole ne mai aikawa ya kasance yana kan aikawa a lokacin da labarin karon ya dawo masa. In da ƙunshin ta farkon gajere ne ƙwarai, har ta gama fitar da shi kafin labarin ya iso, da ta ɗauka saƙo ya isa lafiya alhali ya lalace a hanya. Saboda haka injiniyoyin suka yi lissafi daga mafi munin hali. An yarda a haɗa wayoyi da dama da na'urorin ƙara ƙarfin saƙo har nisa ya kai kusan mita 2,500, kuma kowace na'ura tana ƙara nata jinkirin. Zuwa da dawowa a irin wannan shimfiɗa na kusantar maikirosakan 50. Sai aka tsayar da 51.2, daidai lokacin da ake ɗauka a fitar da bit 512. Bit 512 kuwa bayit 64 ne. Daga nan aka samo dokar cewa ƙunshin Ethernet ba ya gaza bayit 64. Ko da harafi ɗaya ne za a aika, sai an cike gurbin da ciko har ya kai. Tsawon waya, da gudun aikawa, da ƙanƙantar ƙunshi, ukun nan a ɗaure suke da juna, ba a taɓa ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba.

Da zarar kwamfuta ta gane an yi karo, takan ƙara aika bit 32 na hayaniya da gangan don ta tabbatar duk wanda karon ya shafa ya ji, sannan ta yi shiru. To yaushe za ta sake? In duka biyun suka jira lokaci iri ɗaya, za su sake gwabzawa har abada. Shi ya sa kowace ke jefa ƙuri'a. Bayan karon farko, kowace na zaɓar 0 ko 1, ta ninka da maikirosakan 51.2, ta jira hakan. A ce ta farkon ta zaɓi 0, ta biyun ta zaɓi 1. Ta farkon za ta fara kusan nan da nan. Ta biyun, da lokacinta ya cika, sai ta saurara ta ji wayar a cike, ta haƙura har a gama. Amma rabin lokuta ƙuri'ar takan zo ɗaya, a sake karo. A karo na biyu sai a zaɓa daga 0 zuwa 3, yiwuwar haɗuwa ta koma ɗaya cikin huɗu. A na uku daga 0 zuwa 7. Haka fagen zai riƙa ninkuwa har karo na goma, inda ya tsaya a 1,023. In an gwada sau 16 ba a dace ba, sai katin ya yar da ƙunshin ya kai rahoton gazawa. Babu wanda ya faɗa wa kwamfutocin yawan masu jira, amma yawan karon da kansa yana sa kowace ta ƙara ja da baya.

Karo ba lalacewa ba ne, wani ɓangare ne na aikin. Amma yana da tsada. Bit miliyan 10 ɗin nan na kowa ne baki ɗaya, ba na kowace kwamfuta ba, kuma da masu magana suka yawaita sai lokacin da ake ɓatawa a karo da jira ya ƙaru. Akwai kuma rashin adalci: wadda ta yi nasara tana share lissafin karonta ta koma sifili, wadda ta sha kaye kuwa jiranta na ƙara tsawo, har mai nasarar ta iya riƙe wayar ita kaɗai na wani lokaci. A 1990 aka amince da wayar nan mai murɗaɗɗun igiyoyi da muka sani yau, kowace kwamfuta da tata har zuwa wani akwati da ake kira hob. Ido na ganin wayoyi da yawa, amma hob yana maimaita duk abin da ya shigo ta rami ɗaya zuwa sauran ramukan ne kawai. Karo na nan, har da fitilarsa a fuskar akwatin, wadda ke ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa in aiki ya yi yawa.

Gudu ne ya fara matse tsarin. Da aka kai bit miliyan 100 a 1995, bit 512 ya koma cin maikirosakan 5.12 kacal, sai nisan da aka yarda da shi ya faɗo zuwa wajen mita 200. A gudun bit biliyan ɗaya, da an bi lissafin yadda yake, da bai wuce mita 20 ba, sai da aka ƙirƙiro wata dabarar tsawaita gajeren ƙunshi zuwa bayit 512, wadda kusan ba a yi amfani da ita ba, domin mafita ta riga ta iso.

Mafitar ita ce suwic. Kamfanin Kalpana ya shigo da irinsa na farko kasuwa a wajajen 1990, Cisco ya saye kamfanin a 1994. A waje suwic kamar hob yake, amma aikinsu ya sha bamban. Suwic yana karanta adireshin mai aikawa a kowane ƙunshi, ya rubuta a teburinsa cewa wannan adireshin ta rami kaza yake. Da ƙunshi ya shigo, sai ya duba adireshin mai karɓa ya fitar da shi ta wannan ramin kaɗai. Kwamfuta ta ɗaya na magana da ta biyu, ta uku na magana da ta huɗu, a lokaci guda. In kuma biyu suka aika wa ɗaya tare, suwic yana da ma'ajiya: ya riƙe ƙunshi ɗaya, ya tura ɗaya, sannan ya bi da na biyun. Gasar ta tashi daga kan waya ta koma layin jira. Wannan ma yana da iyaka, domin in ma'ajiyar ta cika, suwic zubar da ƙunshi yake yi.

Saura mataki ɗaya. Kowace waya yanzu na da na'urori biyu kacal, kwamfuta da suwic, kuma a gudun miliyan 10 da 100 igiyoyin aikawa daban suke da na karɓa. Babu abin da zai yi karo da wani. A 1997 ma'aunin 802.3x ya halatta aikawa da karɓa a lokaci guda, kuma a wannan yanayin ana kashe CSMA/CD gaba ɗaya: babu saurare, babu ƙuri'a. Ethernet mai gudun bit biliyan 10 da ya fito a 2002 bai ma tanadi tsohuwar ƙa'idar ba. Dokar bayit 64 dai tana nan har yau a kowane ƙunshi.

Inda ma'aikacin yau zai iya cin karo da tsohuwar ƙa'idar shi ne idan ɓangarori biyun waya ɗaya suka saɓa. Wani ya saita suwic da hannu a kan aikawa da karɓa tare, ya bar kwamfutar ta zaɓa da kanta, ita kuma da ba ta ji sanarwa daga suwic ba sai ta koma tsohon yanayin. Suwic na aikawa duk lokacin da ya ga dama, kwamfutar na ɗaukar hakan karo ne, ta katse ƙunshinta ta jira. Ƙananan saƙonni na wucewa lafiya, amma kwafar babban fayil sai ta riƙa jan ƙafa. A kwamfuta mai Linux ana dubawa da wannan umarni:

```
ethtool eth0
```

In ya nuna `Duplex: Half` alhali suwic na cewa `Full`, an gano cutar. A ɓangaren kwamfutar za a ga adadin karon da ya zo a makare, wato bayan bit 512 na farko, yana hawa, a ɓangaren suwic kuma guntayen ƙunshi da lalatattu. Maganin shi ne a bar ɓangarorin biyu su daidaita da kansu, ko a saita su iri ɗaya da hannu.