Kafin Sabuwar Na'ura Ta Taɓa Jinin Majiyyaci

Idan asibiti ya sayo sabuwar na'urar gwajin jini, injiniyan kamfani yakan zo ya haɗa ta, ya yi mata saiti, ya nuna cewa tana fitar da lambobi, a sa masa hannu ya tafi. Daga nan masu asibiti sukan ƙosa a fara aiki, tunda kuɗi aka zuba. Amma masanin ɗakin gwaje-gwaje da ya san aikinsa zai ce a dakata, ko da na mako guda ne. Alkaluman da kamfani ya rubuta a takardar na'ura, a ɗakinsa mai sanyi ya same su, da wutar da ba ta ɗaukewa, da sinadaran da ba su kwana a tashar jirgin ruwa ba. Abin tambaya shi ne ko na'urar za ta yi hakan a nan, cikin zafin watan Afrilu, a kan janareto, a hannun ma'aikatanmu. Ƙa'idar ISO 15189, wadda ake auna ɗakunan gwajin asibiti da ita a duniya, ta wajabta wannan tantancewa kafin a ba majiyyaci sakamako ko ɗaya.

Bari mu ɗauki gwajin sukarin jini. Likita yakan ce mutum yana da ciwon suga idan gwajin da aka yi masa kafin ya karya kumallo ya kai miligiram 126 a kowace desilita, aka kuma sake aka samu haka. Saboda haka a kusa da 126 kuskure kaɗan ma ba ƙarami ba ne.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ko na'urar tana tsayawa kan magana ɗaya. Akwai wani ruwa da kamfanoni ke sayarwa, ma'aikata suna kiransa kwantirol, wanda aka haɗa shi ya yi kama da jini. Tsarin da cibiyar CLSI ta Amurka ta shimfiɗa a kundinta mai lamba EP15 shi ne a gwada ruwan nan sau 5 a rana har kwana 5, wato awo 25, a yi da mai ƙarancin suga, a kuma yi da mai yawa. Ba a haɗa su a yini guda don a huta, domin wasu matsalolin sai an kwana suke bayyana: sinadarin da aka buɗe jiya ya fara rauni, firjin da ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8 ya ɗumama da dare, ko ma'aikacin yau ba hannunsa ɗaya da na jiya ba.

Daga awo 25 ɗin ake fitar da matsakaici, a kuma lissafa yadda lambobin suka warwatsu a kewayensa. A ce matsakaicin ya zo 126, warwatsuwar kuma 2.5. Idan aka raba 2.5 da 126 aka ninka da 100, za a samu kusan kashi 2 cikin 100, lambar da na'ura ke nunawa da sunan CV. In kamfani ma kashi 2 ya yi alkawari, lafiya lau. Amma a ce warwatsuwar ta kai 8. Ma'anarsa ita ce jinin da sukarinsa 126 ne zai iya fitowa ko'ina tsakanin 110 da 142. Mutumin da nasa 118 ne, yau a ce masa 130 a tayar masa da hankali, gobe a ce 108 a sallame shi. Idan aka ga haka akan fara duba allurar da ke zuƙar jini ko kumfa na shiga cikinta, da fitilar na'ura, da ruwan da ake wanke ta da shi.

Sai dai tsayawa kan magana ɗaya ba shi ne faɗin gaskiya ba. Sikelin mahauci zai iya nuna kilo ɗaya duk sanda aka ɗora tsokar nan, alhali kullum da tauye. Don haka mataki na biyu shi ne kwatanta sabuwar na'ura da wata da aka yarda da ita. Akan tara jinin majiyyata da ya rage bayan an gama gwajinsu, kamar guda 40, a tabbatar akwai mai ƙarancin suga, da matsakaici, da mai yawa sosai, a gwada kowanne a na'urorin biyu cikin kwanaki da dama. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin sukari a cikin kwalba, har yakan ragu da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa idan ba a raba ruwan jini da ƙwayoyinsa ba. Wanda ya gwada a tsohuwar na'ura da safe, ya bari sai azahar ya kai sabuwa, zai ga bambanci ya ɗora wa na'urar laifin da ba nata ba.

A ce an kiyaye wannan, duk da haka sabuwar tana ɗara tsohuwar da kimanin 9 a kusa da 126. To wa ke da gaskiya? Ba lalle tsohuwar ba ce. Daɗewa a ɗaki ba shaida ba ce. Ana raba gardamar da samfurin da aka riga aka san ainihin abin da ke cikinsa, irin wanda shirye-shiryen tantance inganci na waje ke aiko wa ɗakunan gwaji. Wadda ta kauce a cikinsu sai a sake mata saiti a maimaita aikin. Kuma iyakar bambancin da za a lamunta, tun kafin a fara ake rubuta ta. Wanda ya bari sai ya ga sakamako sannan ya yanke iyaka, kansa ya yaudara.

Mataki na uku, a ganina, shi aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi shafar wanda aka kawo ranga-ranga. Kwantirol yakan tsaya a wuri biyu ne kawai, misali wajen 90 da wajen 300. Ba ya cewa komai game da 550. Idan kamfani ya ce na'urarsa tana aunawa daidai har zuwa 600, sai a samu samfuri mai 40 da wani mai 600, a gauraya su: kashi uku na ƙarami da ɗaya na babba, sai rabi da rabi, sai ɗaya da uku. Lissafi ya ce a samu 40, 180, 320, 460 da 600. Idan aka zana abin da ake tsammani da abin da na'ura ta faɗa a kan takarda, ya kamata ɗigogin su jeru a miƙaƙƙen layi.

A ce na'urar ta ba da 41, 182, 318, 440 da 540. Ukun farko sun hau layi. Na huɗu ya gaza da 20, na biyar da 60, layin ya lanƙwashe a sama. Sau da yawa dalilin shi ne sukarin ya fi ƙarfin sinadarin da aka zuba masa, ko launin da ya fito ya yi duhun da idon na'ura ba ya iya bambancewa. Haɗarin shi ne na'urar ba za ta yi ƙara ba, ba za ta nuna jan rubutu ba. Za ta buga 540 cikin natsuwa, likita kuma da wannan lambar zai bi saukar sukari yana daidaita insulin. Ba sai an mayar da na'urar ba. Ɗakin gwajin zai rubuta cewa iyakar da ya tabbatar ita ce 320, ko ya ƙara gauraye tsakanin 320 da 460 don gano inda lanƙwasar ta fara. Duk jinin da ya wuce iyakar sai a sirka shi da ruwan gishiri na asibiti, rabi da rabi, a sake gwadawa, a ninka sakamakon da 2.

Bayan haka shugaban ɗakin gwaji zai duba takardun ya sa hannu, a adana su don masu binciken inganci. Kuma tantancewar suga ta suga ce kaɗai: gwajin ƙoda da na hanta da ke cikin na'urar kowanne sai an yi masa tasa. Idan aka ɗauke na'urar zuwa wani gini, ko aka canza mata wani babban sashe, akan maimaita aƙalla wani ɓangare na aikin kafin a ci gaba da sakin sakamako.