Ƙunar wuta: ruwa ne maganin farko

Lokacin ɗari ya zo, ana hura wuta a ɗaki, yara suna zagaye da murhu. A irin wannan lokaci ƙuna takan yawaita a karkara. Wani garwashi ya taka, wani ruwan shayi ya zubo masa.

A ce yarinya ce mai shekara 8. Kunu mai zafi ya zube mata a hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Wurin ya yi ja, faɗinsa kamar yatsa uku. Tana kuka sosai. Me uwarta za ta yi?

Kada ta tsaya neman magani. Ta ɗauko buta ko moɗa, ta yi ta zuba ruwan randa mai tsabta a wurin, a hankali, har minti 20. Wanda ba shi da agogo ya kwatanta da dahuwar shinkafa. Mutane da yawa sukan zuba moɗa ɗaya su tsaya, wannan bai isa ba. Dalili kuwa, ko an share kunun, zafinsa yana nan cikin fata yana cin nama. Ruwan ne yake fitar da shi. In ruwa ya yi ƙaranci, a tsoma hannun cikin kwano, a canza ruwan in ya yi ɗumi. Ban da ƙanƙara, don ita ma tana ɓata fata.

Ana cikin zuba ruwan, a cire mata awarwaro da zobe kafin hannu ya kumbura. In tufa ta manne da fata, kada a ja ta. A lulluɓe sauran jikin yarinyar da zane, don sanyi yana saurin kama yaro.

Maƙwabta za su taru, kowa da shawararsa. Wata ta ce man shanu, wata ta ce toka, ko ɗanyen ƙwai, ko kashin shanu. Duka a bar su. Mai yana riƙe zafi cikin fata. Toka da ƙwai suna kai ƙazanta cikin ciwo. Kashin shanu ya fi su haɗari, don yana ɗauke da ƙwayar tetanos, ciwon nan mai ƙulle haƙora, mai kisa.

In wurin ya tashi ya tara ruwa, kada a huda shi da ƙaya ko allura. Fatar nan ta sama ita ce murfin ciwon. A rufe da farin ƙyalle wanda aka wanke da sabulu, ya bushe a rana. A ɗaure sako-sako. Kada a sa auduga, tana mannewa. Kullum uwa ta wanke hannunta da sabulu, ta wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce, ta sa wani ƙyallen. In ƙyalle ya manne, a jiƙa shi tukuna. Don zogi, ana ba da farasitamol daidai da shekarun yaro. Ba a ba yara asfirin.

Ƙaramar ƙuna irin wannan takan warke cikin mako biyu. Amma akwai wadda ba ta gida ba ce. Ma'auni shi ne tafin hannun wanda ya ƙone, ba na uwarsa ba. In ƙunar ta fi tafin hannunsa faɗi, a zuba ruwan, sannan a tafi gidan likita ran nan. Haka in ta taɓa fuska, ko tafin hannu da yatsu, ko ƙafa, ko al'aura, ko kan gaɓa. Ƙunar gaɓa in ta warke ba daidai ba, fata tana tsukewa, hannu ya ƙi miƙewa. Jariri, da yaron da bai kai shekara 5 ba, da tsoho, a kai su ko ƙunar kaɗan ce. Ƙunar lantarki da ta ruwan batir ma sai likita.

Akwai wata mai ruɗin mutane. Wurin ya yi fari, ko baƙi, ya bushe kamar ƙirgi, mai shi kuma ya ce ba ya jin zafi. Sai a ɗauka da sauƙi. A'a, wutar ta ci har jijiyoyin da ke jin zafi. Ita ce mafi muni.

Ko yarinyar nan da ake jinya a gida, a riƙa duba ta kullum. In bayan kwana biyu ko uku zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko wurin ya fara wari da mugunya, ko ja yana bazuwa, ko zazzaɓi ya kama ta, ciwon ya ruɓe ke nan. Kada a jira ranar kasuwa, a ɗaura amalanke. A tafi da katin rigakafinta, likita zai duba ko tana bukatar allurar tetanos.