Idan bayanai suka ƙi samuwa: wasiƙar neman sauya taken furojet

Ɗalibin ajin ƙarshe a jami'o'in Najeriya ba ya fita sai ya rubuta aikin bincike, wanda kowa ke kira furojet. Galibi babi biyar ne: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, hanyar bincike, nazarin bayanai, sai kammalawa. Babi uku na farko a ɗakin karatu ake rubuta su. A babi na huɗu ne ake gane ko taken da aka zaɓa zai yiwu, domin a nan ake buƙatar bayanan da aka yi alkawarin tattarowa. Idan ba su samu ba, dole ɗalibi ya rubuta wa malamin da ke duba aikinsa wasiƙa, ya nemi izinin sauya take. Wasiƙar ba ta wuce shafi guda, amma ita ke raba wanda zai tafi bautar ƙasa da 'yan ajinsu da wanda zai ƙara shekara.

Mu ɗauki misali. Wata ɗaliba a sashen tattalin arzikin noma an amince mata da take kan tasirin bashin banki ga yawan shinkafar da manoman Kura, a jihar Kano, suka girba daga 2018 zuwa 2023. Taken yana da kyau, domin Kura na cikin yankin noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, kuma shinkafa ce ƙashin bayan noman wurin. Amma aikin ya rataya ne kan abu biyu: jerin waɗanda suka karɓi bashi da adadin kuɗin, da kuma buhunan da kowane manomi ya samu shekara-shekara. Ta kai wa banki takardar gabatarwa daga sashensu, aka ce mata ba a fitar da bayanan abokan hulɗa. Bankin bai zalunce ta ba. Sirrin asusu wajibi ne a kansa, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023. Ta koma ga ƙungiyar manoma, ta tarar littafinsu ya fara ne daga 2021, kuma sunaye da kuɗin wata-wata kawai ke ciki, babu buhu ko ɗaya da aka rubuta. Saura mata mako takwas a miƙa aiki.

Kafin ta ɗauki biro, akwai tambayar da malamin zai fara yi mata: shin bayanan ne babu, ko sakamakon ne bai yi mata daɗi ba? Ɗalibin da ya tattara bayanai, lissafi ya nuna masa cewa bashi bai ƙara amfanin gona ba, ba shi da matsala; wannan ma sakamako ne, kuma ana kare shi a gaban malamai. Matsalar gaske ita ce a hana ka bayanan, ko ka same su da giɓin da ba ya cikuwa, ko ka raba takardun tambayoyi su dawo kaɗan ƙwarai. Ita ɗalibar tamu biyu daga ciki suka same ta, don haka tana da hujja.

Da Turanci ake rubuta wasiƙar a yawancin sassa, da lambar ɗalibi da kwanan wata a sama, amma ga ma'anar abin da ya kamata ta ƙunsa:

"Malam, ina neman izinin sauya taken aikina. Taken da aka amince mini ya dogara ne kan bayanan bashi da na girbi na shekara shida. Banki ya ƙi ba ni nasa a rubuce, littafin ƙungiyar manoma kuma ya fara ne daga 2021, ba ya ɗauke da yawan girbi. Na haɗo kwafin amsar bankin da hoton shafukan littafin. Ina roƙon a mayar da taken ya zama: hanyoyin da manoman shinkafa a Kura ke samun jarin noma da matsalolin da suke fuskanta. Zan tattara bayanai da takardun tambayoyi daga manoma 200 cikin mambobin ƙungiyar 400, shugabanninta sun amince. Babi na biyu zai tsaya kusan yadda yake, zan gyara manufofin babi na ɗaya, in sake rubuta na uku. Mako uku zan yi ina tattarawa, biyu ina nazari da rubutu, in kawo maka aikin saura mako uku a rufe karɓa. Na gode."

Abin lura na farko shi ne sabon taken bai yi nisa da tsohon ba. Gari ɗaya ne, manoma ɗaya, maganar kuɗin noma ɗaya. Abin da ya sauya shi ne tambayar da ake yi da inda amsa za ta fito: maimakon alƙaluman da ke kulle a ofis, yanzu daga bakin manoma za a ji, ko adashi ne, ko bashin dillali da ake biya da shinkafa bayan girbi, ko sayar da dabba. Malami ya fi saurin sa hannu idan ya ga wahalar da ya sha wajen gyara babin farko ba ta tafi a banza ba. Wanda ya tashi daga shinkafar Kura ya koma kan farashin man fetur sabon aiki ya nema, kuma mako takwas ba zai ishe shi ba.

Na biyu, adadin 200 ba daga sama ya faɗo ba. Ta fitar da shi ne da ƙa'idar Taro Yamane da sassa da yawa ke amfani da ita, n = N / (1 + N × e²). Idan mambobi 400 ne, kuskuren da aka lamunta kuma 0.05, sai a raba 400 da 2, a sami 200. Wannan ya nuna wa malamin cewa ta riga ta fara tunanin babi na uku. Ya fi haka muhimmanci da ta tabbatar manoman za su amsa kafin ta rubuta, domin da wuya a amince da sauyi sau biyu. Wanda zai koma kan alƙaluman da aka riga aka wallafa, kamar rahoton farashin abinci na wata-wata na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ko kundin alƙaluman Babban Bankin Najeriya, ya fara sauke su ya ga shekarun da yake so sun cika.

Sa hannun malami ba shi ne ƙarshe ba. A sassa da yawa akwai jami'in da ke riƙe da jerin taken kowane ɗalibi, kuma da jerin nan ake shirya ranar kare aiki. Idan malami ya ce "ba komai, ci gaba" a bakin ƙofar ofis, jerin bai sauya ba, ɗalibi na iya tsayawa gaban mai jarrabawa na waje da aikin da ya saɓa wa takardar da ke hannunsa. Don haka a nemi amincewar a rubuce a jikin wasiƙar, a kai kwafi ga jami'in ko shugaban sashe, a riƙe ɗaya.

Wasu kan guje wa duk wannan su zauna a ɗakin kwana su cike takardun tambayoyi da kansu. Malamai sun saba kama su: rubutun hannu iri ɗaya, amsoshi masu kama da juna fiye da kima, takarda 200 da aka raba duk sun dawo ba ko tabon laka. Tambaya ɗaya ranar kare aiki, kamar nawa buhun taki yake a Kura lokacin da aka je, ta isa ta tona asiri. Ƙirƙirar bayanai maguɗi ne a dokar jami'a, hukuncinsa na iya kaiwa ga kora. Wasiƙar da aka rubuta da wuri, da hujja a maƙale, mako ɗaya ko biyu kawai takan ci.