Yadda ake sauya wa rumbun bayanai siga ba tare da an rufe kasuwa ba

A ranar 13 ga Nuwamba, 2025, masu kula da PostgreSQL suka fitar da gyara na ƙarshe ga siga ta 13 ta wannan manhajar rumbun bayanai. Daga ranar, duk ɓarakar tsaro da aka gano a cikinta, ba mai toshe ta. Tsarin nasu a fili yake: kowace shekara sabuwar babbar siga tana fitowa, ana kula da ita shekara biyar, sannan a sallame ta. Don haka kamfanin da ya ɗora harkarsa a kan wannan rumbu, ko na hada-hadar kuɗi ne ko na sayar da tikiti, ƙaura ta zame masa dole. Abin da ya rage a hannunsa shi ne tsawon lokacin da abokan hulɗa za su tarar da ƙofa a rufe.

Ƙaramin gyara, kamar daga 17.1 zuwa 17.2, ba ya ɗaga hankalin kowa: a sauya manhajar, a kashe, a kunna. Babbar siga kuwa tana canza tsarin teburan cikin gida da rumbun yake tafiyar da kansa da su, har ta kai sabuwar manhaja ba za ta yarda ta buɗe fayilolin tsohuwa ba. Dole a bi wata hanya ta kwashe kayan.

Hanya mafi tsufa ita ce a juye komai da pg_dump a sake zuba shi a sabon wuri. Ga ƙaramin rumbu babu laifi, amma ga mai ɗaruruwan gigabait awoyi ne na rufewa. Ta biyu ita ce pg_upgrade tare da zaɓin --link, wanda ba ya kwafar fayilolin bayanai, sai dai ya nuna wa sabuwar siga inda suke. Yakan gama cikin 'yan mintuna ko da rumbun ƙato ne. Da ita kamfanin GitLab ya tashi daga siga ta 9.6 zuwa ta 11 a watan Mayun 2020, bayan ya sanar da rufewar awa biyu. Sai dai tana da tarko: da zarar an kunna sabuwar siga a kan fayilolin, tsohuwar ba ta sake amfani da su lafiya. Shi ya sa injiniyoyin GitLab suka ware wasu injuna a kan tsohuwar siga ba su taɓa su ba, ko da abin zai ƙi.

Wanda ba zai iya jure ko rabin awa ba, hanya ta uku ce tasa. Tun siga ta 10, wadda ta fito a 2017, PostgreSQL yana iya aika kowane canji, layi bayan layi, daga wani rumbu zuwa wani ko da sigoginsu sun bambanta. Aikin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya kama sabon shago: yana ci gaba da ciniki a tsohon, yaransa suna kwasar kaya, duk abin da aka sayar ana rubutawa a littafi biyu, sai ranar da littattafan suka yi daidai ya juya allon sanarwa.

A ɗauka wani kamfani ne mai karɓar biyan kuɗi daga masu na'urar POS, rumbunsa gigabait 800 a kan siga ta 13, yana so ya koma ta 17. Aikin farko binciken tebura ne, tun kafin a sayi sabon inji. Wannan salon kwafi yana buƙatar kowane tebur ya kasance yana da lambar da ke bambanta kowane layi da ɗan'uwansa. Teburin da ba shi da ita, idan aka saka shi cikin jerin waɗanda za a aika, tsohon rumbun da kansa zai fara ƙin karɓar gyara ko gogewa a cikinsa. Wato kuskuren shiri na iya tsayar da ciniki makonni kafin ranar ƙaura, da rana tsaka. Haka nan dole a mayar da wal_level zuwa logical, kuma wannan sauyin sai an kashe rumbun an kunna yake aiki. Ɗan tsaiko ne, amma a sa shi cikin lissafi.

Bayan nan a kafa sabon inji mai siga ta 17, a zuba masa sunayen masu izinin shiga da kwarangwal ɗin tebura babu bayanai a ciki, sannan a haɗa su. Umarni na farko a tsohon rumbu ake ba da shi, na biyu a sabo:

```
CREATE PUBLICATION kaura FOR ALL TABLES;

CREATE SUBSCRIPTION kaura
  CONNECTION 'host=tsoho dbname=biya'
  PUBLICATION kaura;
```

Sabon rumbun zai fara da kwafe abin da ke nan, sannan ya bi sahun sababbin canje-canje. A nan ne hatsari na biyu yake. Duk canjin da sabon bai tabbatar ya karɓa ba, tsohon yana riƙe da shi a faifai. Idan kamfanin yana samar da gigabait 10 na irin wannan rajista a awa, kuma kwafin babban teburinsa ya ci awa 12, ana maganar kusan gigabait 120 da za su taru. In faifan ya cika, tsohon rumbun, wanda har yanzu shi ke ɗauke da kasuwa, zai tsaya cak. Injiniyan da ya san aikinsa yakan ƙara wa faifan wuri tun da farko, ya kuma sa ido kan tazarar da wannan tambaya:

```
SELECT slot_name,
  pg_wal_lsn_diff(pg_current_wal_lsn(), confirmed_flush_lsn)
FROM pg_replication_slots;
```

Lambar da ta fito ita ce yawan abin da sabon rumbu bai kamo ba. Idan tana raguwa, lafiya lau. Idan kullum hawa take, ko dai sabon injin ya gaza, ko kwafin ya ci karo da wani kuskure ya tsaya.

Akwai kuma kayan da wannan hanya ba ta ɗauka sam. Sauyin fasalin tebur ba ya bi. Idan wani mai rubuta manhaja ya ƙara shafi a tsohon tebur, kwafin zai tsaya har sai an ƙara irinsa a sabo, don haka ake hana irin wannan sauyi tsawon makonnin ƙaura. Wanda ya fi yawan kayar da mutane shi ne maƙirgin da ke ba kowane sabon layi lamba. Har zuwa siga ta 18, layukan suna isa da lambobinsu, amma maƙirgin na sabon rumbu yana nan a kan ɗaya. Ke nan idan teburin yana da biyan kuɗi miliyan 48, mai POS na farko da ya danna bayan ƙaura sai rumbun ya ba cinikinsa lamba 1, wadda aka riga aka bayar shekaru da suka wuce. Allon zai nuna duplicate key value violates unique constraint, kuma haka zai yi ta yi ga kowa. Maganin layi ɗaya ne na setval ga kowane maƙirgi, a tura shi gaba da lambar ƙarshe da ɗan rata, amma sai an rubuta shi an gwada tun kafin daren ƙaura.

Gwajin nan shi ke cin mafi yawan lokaci. Kamfanin GitHub, da ya tashi da injuna sama da 1,200 daga MySQL 5.7 zuwa 8.0, ya kwashe fiye da shekara guda a kan aikin, kamar yadda ya bayyana a ƙarshen 2023. Cikin abin da ya gamu da shi har da tambayoyin da suka wuce gwajin ɗaki lafiya, amma suka kayar da rumbun a gaban cunkoson gaske, saboda suna ɗauke da dubban ƙima a cikin WHERE IN. Sabuwar siga tana iya zaɓar wata hanya dabam ta amsa tsohuwar tambaya, abin da ke ɗaukar ƙiftawar ido ya koma daƙiƙu. Shi ya sa ake fara tura wa sabon rumbu wani kaso na tambayoyin karatu kawai, ana kwatanta saurinsa da na tsohon. Kafin haka kuma sai an gudanar da ANALYZE a kansa, domin rumbun da bai ƙididdige teburansa ba a makance yake zaɓar hanya, kuma alamar ita ce injin ya ɗau zafi nan take alhali cunkoson bai ƙaru ba.

Zaɓen rana ma aiki ne na lissafi. Kamfanin da ke hulɗa da 'yan kasuwar Kano ko Maraɗi ba zai yi ƙaura a ƙarshen wata lokacin albashi ba, balle jajibirin Sallah. Jadawalin cunkoson makonnin baya ne zai nuna awar da ciniki ya fi kwanciya.

A daren kansa, komai a rubuce yake, da sunan wanda zai yi da mintin da zai ɗauka. Kamfanoni da yawa suna sa PgBouncer tsakanin manhaja da rumbu, kuma yana da umarnin PAUSE, wanda ke barin ayyukan da ke kan hanya su ƙare, ya kuma riƙe sababbi a layi ba tare da ya kore su ba. Ana ba da shi, a kulle tsohon rumbu ya zama na karatu kawai, a jira tazarar nan ta sauka ƙasa, a tura maƙirgai gaba, a juya PgBouncer ya fuskanci sabon inji, a ba da RESUME. Idan an yi atisaye sosai, mai POS zai ga na'urarsa ta ɗan yi jinkiri ne kawai. Abin da ke ɓata wannan lissafi yawanci ba a cikin rumbun yake ba: wani dogon rahoto na sashen akanta da ya hana PAUSE kammala, ko wani tsohon aikin dare da ke shiga rumbun kai tsaye ba ta PgBouncer ba, wanda kowa ya manta da shi. Jerin masu haɗuwa da rumbun a pg_stat_activity, idan an bibiye shi na kwanaki, yakan tona irin waɗannan.

Sauran magana ita ce hanyar komawa, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Da zarar sabon rumbu ya karɓi biyan kuɗi na farko, tsohon ya zama labari, komawa gare shi na nufin zubar da kuɗin mutane. Saboda haka kafin a ba da RESUME ake yanke kwafin farko, a ɗaura wani a juye, daga 17 zuwa 13, da zaɓin copy_data = false don kada ya sake kwafe abin da ke can. GitHub ma ya riƙe irin wannan ƙofa, inda ya bar injunan 5.7 suna karɓar canje-canje daga na 8.0 har sai da ya gamsu. Tare da wannan, a amince tun da rana kan sharaɗin janyewa: minti nawa na tsaiko, kashi nawa na kurakurai, da kuma mutum ɗaya da zai yanke hukunci, domin ƙarfe uku na dare ba lokacin muhawara ba ne.

Tsohon injin yakan ci gaba da zama a kunne na kwanaki, har sai ayyukan mako-mako sun bi ta kan sabon sun fita lafiya. Ranar da za a kashe shi, a tuna a goge haɗin kwafin da ke ciyar da shi, in ba haka ba sabon rumbu zai yi ta tara masa saƙo har faifansa ya cika. Masu siga ta 14 kuma su duba kalandarsu, domin wa'adinta zai cika a watan Nuwamban 2026.