Yadda Ake Mayar da Tayin Gurbin Sanin Makamar Aiki ta Imel

Ɗalibin da lokacin fitarsa sanin makamar aiki ya yi ba ya tsayawa kan ma'aikata ɗaya, takardun nema yakan raba wurare da dama. A Najeriya, shirin SIWES da hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973 yana fitar da ɗaliban jami'a a fannoni irin su injiniyanci na kimanin wata shida, don haka ɗalibai kan yi rububin gurabe a lokaci guda. Amsoshin kuwa ba sa zuwa tare. Sau da yawa sai ɗalibi ya amsa tayin wuri ɗaya, har ya kai wa makaranta takardar amincewarsu, sannan tayi na biyu ya iso. Wannan na biyun shi ake mayarwa ta imel.

Kafin a rubuta komai, sai an tabbatar gurbin farko ya zauna, wato akwai takarda a hannu mai ɗauke da ranar fara aiki. Alƙawarin baki daga wani ma'aikaci bai isa ba, domin wanda ya saki tayi na biyu a kansa yana iya tashi babu ko ɗaya. Idan takardar tana hannu, kwana ɗaya zuwa biyu sun isa a ba da amsa. Dalilin gaggawar shi ne ma'aikatar tana da wasu masu jira, kuma muddin ba ta ji daga ɗalibin ba, gurbin yana riƙe da sunansa. Yin shiru, wanda wasu ke ɗauka kunya ce ko kawaici, shi ya fi ɓata wa jami'in ɗaukar ma'aikata rai.

Ana amsawa a kan saƙon da ya kawo tayin ta hanyar danna Reply, don jami'in ya ga tarihin maganar ba tare da ya yi bincike ba. A Najeriya yawanci da Turanci ake rubutawa, amma tsarin ɗaya ne a kowane harshe. Misali, ɗalibar injiniyancin lantarki da ta riga ta amsa gurbi a Kaduna, sai wani kamfani a Kano ya aiko mata da nasa, tana iya rubuta:

“Ranka ya daɗe, ina godiya da gurbin da kuka ba ni a sashen gyaran na'urori, da kuma lokacin da kuka ɗauka kuna tattaunawa da ni. Sai dai kafin saƙonku ya iso na riga na amsa wani tayin, saboda haka ba zan samu damar karɓar wannan ba. Aikinku na kafa wutar sola da kuka yi mini bayani ya ja hankalina ƙwarai, kuma zan so in sake nema a wurinku lokacin hidimar ƙasa, idan Allah ya kai mu. Na gode.”

Jimla ta biyu ita ce ƙashin bayan saƙon, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ladabi kan sa mutum ya yi ta kewaye-kewaye da “zan duba” ko “wataƙila ba zai yiwu ba”, har mai karatu ya kasa gane an ƙi ne ko ana neman ƙarin lokaci. Alamar saƙon bai fito fili ba ita ce jami'in ya dawo yana tambayar yaushe za a fara. Dalili kuma guda ɗaya ya isa, na gaskiya. Ba dole ba ne a faɗi sunan ɗaya wurin, bai kuma dace a ce can ya fi biyan alawus ba. Ƙirƙiro rashin lafiya ko tafiya ya fi haɗari, domin ma'aikatan fanni ɗaya sun san juna, kuma malaman da ke zagayen duba ɗalibai suna shiga wurare da yawa.

Jimla ta uku ce ke barin hanyar dawowa. Tana aiki ne saboda ta ambaci abu takamaimai daga aikin kamfanin, ta kuma ambaci lokaci. Amma ba alƙawari ba ce daga kowane ɓangare, kuma bai kamata a roƙi a ajiye gurbin har baɗi ba.

Idan wani babba ne ya yi wa ɗalibin hanya, kawu ko malami, to shi za a fara kira ko a je a same shi kafin a tura saƙon, domin mutuncinsa ya sa a gaba, bai kuma kamata ya ji labarin daga bakin ma'aikatar ba. In kuwa saƙon ya tafi ba a samu amsa ba, wannan ba alamar fushi ba ce. Jami'ai da yawa ba sa amsa irin wannan saƙo, gurbin kawai suke miƙa wa na gaba, kuma babu buƙatar a sake turawa.