Kafin Katafila Ta Sa Baki a Ƙasa

Duk mai zama a birni ya san wannan: ana cikin gina lambatu a bakin titi, sai ruwan famfo ya ɗauke a unguwa, ko sabis ɗin waya ya ɓace yini guda. Sau da yawa haƙoran katafila ne suka cafko bututu ko kebul da ke kwance a ƙasa. Idan kebul ɗin lantarki ne, abin ya wuce asarar kuɗi, domin tartsatsin da yake fitarwa yana ƙona fuska da hannuwan lebura nan take.

Shi ya sa ɗan kwangilar da ya san aikinsa yake rubuta takardar tsarin aiki kafin a fara haƙa. Foman ake rubuta wa ita, don haka dole ta faɗi wa zai yi me, da wane kayan aiki, da kuma inda za a dakata sai an sa hannu. Kamfanoni da yawa suna ɗora tasu a kan jagoran HSG47 na hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, wanda ya raba aikin gida uku: shiri, gano abin da ke binne, sai haƙa cikin kula.

A ɗauka za a haƙa lambatu mai tsawon mita 60 da zurfin mita 1.2 a wani titi a Kano. Mataki na farko shi ne injiniya ya nemo taswira daga KEDCO, da hukumar ruwa, da kamfanonin sadarwa. Taswirar ta nuna kebul ɗin lantarki yana bin gefen titi, mita guda daga katangar gidaje. Foman ba zai tsaya a nan ba, domin wataƙila an faɗaɗa titin ko an matsar da katangar bayan an zana taswirar. Zai taka wurin da ƙafa yana duba murfin rami, da taransifoma, da mitar ruwa, da facin kwalta, kowanne yana ba da labarin abin da ke ƙasa.

Daga nan sai wanda aka horar ya bi wurin da na'urar gano kebul da ake kira CAT, yana shata layin da fenti. Na'urar tana da iyaka, kuma takarda mai kyau za ta faɗe ta ƙarara. Idan aka saita ta a kan sauraren lantarki, kebul ɗin da wuta ba ta gudana a cikinsa ba zai yi motsi ba. A garin da ake yawan ɗauke wuta wannan tarko ne, don kebul ɗin da ya yi shiru da safe yana iya ɗaukar wuta da azahar. Maganinsa a haɗa da ƙaramar na'urar da ke cusa sigina a cikin kebul. Bututun roba da kebul ɗin faiba marar ƙarfe kuwa, na'urar ba ta jin su sam.

Saboda haka sai ido ya gani. Leburori za su haƙa ramukan gwaji da hannu, a gicciye da layin fentin, da shebur mai mariƙin da ba ya ɗaukar wuta. Ba a sara da diga a kusa, ba a kafa ƙarfe a ƙasa. Ana haƙawa ta gefen layin, sannan a riƙa zaftare ƙasar a kwance har kebul ya bayyana, ana sake bi da na'urar bayan kowane santimita 30 na zurfi. A misalinmu, sai ga kebul ɗin a zurfin santimita 40, ya kauce daga inda taswira ta nuna, ya shigo tsakiyar hanyar lambatun. Nan ne wurin dakatawa. Foman ya auna, ya rubuta, ya kira injiniya da masu kebul su yanke shawarar karkatar da lambatun ko kashe layin.

Sai an sa hannu a takardar izinin haƙa katafila take shigowa, tana barin aƙalla rabin mita tsakanin bokitinta da kebul, da mutum guda tsaye yana yi wa direba nuni. Abin da aka tono a tallafe shi da katako, kada kowa ya taka shi ya hau. Wajen cikewa a fara da yashi mai laushi, a maido da kyallen gargaɗi a samansa.

Idan tsautsayi ya gifta bokiti ya taɓa kebul, direba ya zauna a kujerarsa, kowa ya ja da baya, foman ya kira lambar da ke shafin farko. Ko ƙwarzane kawai aka yi wa bawon kebul, a sanar da masu shi. Wanda aka rufe da ƙasa a ɓoye, ruwan damina zai shige shi, ya fashe daga baya.