Ɗigon Idon da Ke Satar Gani a Ɓoye

Yaro ya yi ta murzar ido saboda ƙaiƙayi, sai uwa ta sayo ɗigon deksametason a kemis. Cikin kwana biyu jan idon ya washe. Daga nan kwalbar ta zama 'yar gida, ana ɗigawa duk lokacin da ƙaiƙayin ya dawo.

Deksametason na cikin magungunan siteroyid, masu saurin kwantar da kumburi. Matsalar ita ce, a cikin ido akwai wani ruwa da ke fita ta wata siririyar mataciya. Siteroyid na cushe mataciyar nan sannu a hankali, sai ruwan ya taru, matsinsa ya haura 21, iyakar da likitoci ke ɗauka ta lafiya. Wajen mutum ɗaya cikin uku ne matsinsa ke tashi bayan makonni huɗu zuwa shida yana ɗigawa, yara kuma sun fi saurin kamuwa. Abin takaici, babu zafi. Jijiyar gani na mutuwa daga gefe, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Wannan ita ce gulukoma.

In aka shafe watanni, yana kan fito a bayan ƙwayar ido, har ga matashi. Hasken rana da fitilar mota su riƙa kashe masa ido, karatu ya gagara. Ita dai ana cire ta da tiyata.

Duk wanda ya wuce mako biyu yana ɗiga irin wannan magani, ya je asibitin ido a auna masa matsi, likita ya tsara masa yadda zai rage shi.